Makarantar Tana da Rajista, Amma Kwas Ɗin da Za Ku Yi Fa?

[Hoto: tallace-tallacen cibiyoyin horaswa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya]

Kwanan nan muhawara ta yi zafi kan satifiket ɗin da masu ɗaukar aiki ke mayar wa mutane, alhali makarantar da ta ba da shi tana cikin jerin waɗanda hukuma ta amince da su. Masu ƙorafin ba ƙarya suke ba. Sun duba, kuma sun ga sunan makarantar. Sai dai a nan suka tsaya, alhali sauran taki ɗaya, kuma a kan takin nan za mu daɗe yau.

Bari mu gaggauta a kan na farko. Takardar da kuke gani a bangon ofishin nan ta rajistar kamfani ce. Abin da take nufi shi ne an yarda su yi kasuwanci, ba ruwanta da ingancin karatu. Wannan tambarin na ISO 9001 kuma shaida ce ta tsarin gudanar da aiki, kamfanin siminti ma yana iya samunta. Ku ajiye su biyun gefe.

Sai ku nemi hukumar da ke sa ido kan irin wannan karatu a ƙasar da makarantar take. A Ingila akwai Ofqual, a Ostiraliya akwai rumbun training.gov.au, a Najeriya NUC ke kula da jami'o'i, NBTE kuma da kwalejojin fasaha da sana'o'i. Ku buga adireshin hukumar da hannunku. Kada ku danna mahaɗin da makarantar ta sa a shafinta, don wanda ya iya ƙirƙirar makarantar bogi ba zai kasa ƙirƙirar hukumar da za ta wanke ta ba. An taɓa yin haka. A 2015 jaridar New York Times ta bankaɗo kamfanin Axact na Pakistan da ɗaruruwan shafukan makarantun da babu su, har da shafukan hukumomin tantancewa na ƙarya da ke ba su shaida. A Amurka kuwa gwamnati ba ta tantance makarantu da kanta, hukumomi masu zaman kansu ke yi. Don haka a can sai ka duba ko Ma'aikatar Ilimi ko CHEA, ƙungiya mai zaman kanta da ke sa ido kan masu tantancewa, sun san ita kanta hukumar da ta tantance.

[Hoto: ana buga sunan makaranta a akwatin bincike, sunan ya fito]

To, ga sunan ya fito. A nan yawancin mutane ke cewa alhamdulillahi su rufe waya su je su biya kuɗi. Ku ɗan dakata.

Amincewar hukuma ba ta shafi duk abin da makaranta ke koyarwa ba. A wurare da yawa kwas-kwas ake bi. Masu tantancewa za su zo su duba malaman wannan fanni, da kayan aikinsa, da manhajarsa, sannan su ce mun yarda ku koyar da wannan. Idan gobe makarantar ta buɗe sabon fanni, tsohuwar amincewar ba ta bi shi ba. Kamar lasisin tuƙi ne: wanda aka ba izinin tuƙa ƙaramar mota yana da lasisi na gaske, amma ba zai hau tirela da shi ba.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Wannan tallan mu muka haɗa shi, ba na kowa ba ne. Cibiya ce a Ostiraliya tana tallan kwas ɗin kula da tsofaffi, kuma a ƙasan tallan ta sa lambarta ta RTO, wato lambar cibiyar horaswa mai rajista. Mun sa lambar a training.gov.au, ga ta nan, rajistarta na aiki. Yanzu ku dubi inda nake nunawa, sashen da aka rubuta Scope. Wannan shi ne jerin takardun shaidar da aka yarda cibiyar ta koyar kuma ta bayar, kowanne da lambarsa. Mu sauka a hankali. Ga na harkar kasuwanci, ga na aikin ofis, ga na kwamfuta. Na kula da tsofaffi fa? Babu shi. Ke nan cibiyar ta gaskiya ce, lambarta ma ta gaskiya ce, amma ba ta da hurumin ba ku wannan takarda da sunanta.

Kafin ku yanke hukunci, akwai wata hanya ta halal. Wasu cibiyoyin suna koyarwa ne a madadin wata cibiya mai izini, ita ce za ta fitar da satifiket. Idan haka ne, su faɗa muku sunanta da lambarta, ku sake wannan binciken a kanta, sannan ku rubuta mata ku tambaya ko da gaske akwai yarjejeniya tsakaninsu. Tsarin Ingila ma kusan a kan haka aka gina shi. Rumbun Ofqual yana lissafa takardun shaida ne da hukumomin da ke bayar da su, irin su City & Guilds, ba cibiyoyin da ke koyarwa ba. Saboda haka lambar takardar shaidar za ku nema a wurin cibiya ku duba a rumbun, sannan ku tambayi hukumar da ke bayarwa ko ta amince da wannan cibiya ta koyar da wannan kwas ɗin.

[Hoto: satifiket biyu kusa da juna]

Ku dubi waɗannan biyun. Na hagu ya fi ado, ga hatimin zinare, ga kati mai kauri, ko ni sai da ya burge ni. Amma abin da aka rubuta a kai shi ne mutum ya halarci horo. Na dama ba shi da kwalliya, sai dai yana ɗauke da sunan takardar shaida, da matakinta, da lambar da za a iya bincikawa. Takardar halarta ba laifi ba ce idan ƙwarewa kawai kuke nema kuma kun sani tun farko. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a bar mutum ya kwashe watanni yana zaton ta dama zai karɓa.

Da kun ga kwas ɗin a jeri, ku ƙara duba ranar da amincewar za ta ƙare, da reshen da aka ambata, da ko ta haɗa da karatu ta intanet. Idan kuma sana'ar mai buƙatar lasisi ce, kamar aikin jinya, ku tambayi hukumar da ke ba da lasisin a ƙasar da za ku yi aiki ko tana karɓar wannan takarda, don maganarta ce ta ƙarshe.

Sai amsar da aka fi ji: "Muna kan hanya, kafin ku gama za a amince da mu." Yana iya zama gaskiya, amma neman izini ba ya nufin za a samu, kuma ba kowace hukuma ke waiwayar ɗaliban da suka shiga kafin amincewa ba. Ku aika wa hukumar imel da sunan cibiyar, da sunan kwas, da ranar da za ku fara, ku tambaya ko wanda ya shiga a wannan rana takardarsa za ta karɓu. Ku jira amsa a rubuce, ku adana ta, sannan ku biya kuɗin makaranta.