Cajin dare da lafiyar batirin waya

Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Nima a nan Accra, yau ina tare da Malam Sani da Bashiru. Malam Sani, mutum ya sayi waya mai batir 5000 mAh, yana jona ta ƙarfe goma na dare, sai asuba ya cire. Ina laifinsa?

Sani: Yawwa Hajiya. A ce ta cika ƙarfe goma sha biyu. Daga nan zuwa biyar na asuba, awa biyar ke nan tana zaune a kan 100 bisa 100. A shekara ya haura awa 1,800. Wannan zaman ne ke cin batir.

Rabi: Ai waya tana yanke wuta da kanta idan ta cika.

Sani: Tana yankewa, shi ya sa ba ta fashewa. Amma yanke wuta bai sauke matsin da ke ciki ba. Batirin waya yana aiki ne a wajen bolt 3.8, idan ya cika kuma yakan kai 4.4 ko kusa da haka. Caji shi ne kwashe lithiyum daga ɓangaren da ke da kobalt, a cusa shi cikin ɓangaren girafayit, abin nan baƙi na bakin fensir. To idan girafayit ya cika maƙil, ruwan da ke cikin batirin yana ta lalacewa a jikinsa, yana barin wani ɓawo siriri. Ɓawon nan da lithiyum ake gina shi, kuma wanda ya shiga ciki ya tafi ke nan.

Bashiru: Kamar dattin da ke taruwa a gindin buta.

Sani: Kusan haka, sai dai buta ana kankare ta. Wannan kuwa kullum ƙara kauri yake, kuma ya fi saurin kauri in batir na cike, ga zafi. Kamfanin Apple ma ya ce zafin da ya wuce digiri 35 yana iya rage ƙarfin batir har abada. Ku duba direban tirotiro da ya ɗora waya a gaban gilashi, tana kan caja, rana na dukanta a cunkoson Circle. Ya haɗa wa batirin cika da zafi a lokaci guda.

Rabi: To ƙasan fa? Wasu na cewa sai ta mutu ake jonawa.

Bashiru: Wannan shawarar tsoffin batira ce masu nikel, ba ta shafi lithiyum ba. Girafayit yana kumbura kaɗan in lithiyum ya shiga, ya motse in ya fita. Tafiya daga sifili zuwa 100 kullum tana sa ɓawon ya tsattsage, ya sake ginuwa, ya sake cin lithiyum. Shi ya sa ake cewa a tsaya tsakanin 20 da 80.

Rabi: Amma Bashiru, 20 zuwa 80 a batirin nan namu 3000 mAh ne kawai. Sai an jona sau biyu a rana. Ba a ƙara masa aiki ba?

Bashiru: Ba yawan jonawa ake ƙirgawa ba, Anti. Zagaye ɗaya shi ne idan jimillar abin da kika kashe ta kai 100. Kin kashe 60 yau, 40 gobe, zagaye ɗaya ke nan. Tsoffin iPhone an ƙera su ne su riƙe kashi 80 na ƙarfinsu bayan zagaye 500. In batirinmu ya kai nan, 4000 mAh ya rage masa, ko da allo na nuna 100.

Sani: Kuma ba sai mutum ya tashi cikin dare ya zare caja ba. A iPhone 15 zuwa sama, a shiga Settings, Battery, Charging, a zaɓi 80. A Samsung a nemi Battery protection. Wadda ba ta da wannan, a jona ta da asuba, kafin a gama shiri ta kai 80. A cire mata riga in tana ɗumi, kada kuma a tura ta ƙarƙashin filo.

Rabi: Mu da muka san dumso fa?

Sani: Ranar da ake tsoron ɗauke wuta, ko za a kama hanyar Kumasi, a cika ta 100 ba komai. Cikawa a fita da ita nan take ɓarnarsa kaɗan ce. Abin gudu shi ne ta kwana a cike kullum.

Rabi: Ta yaya mutum zai gane batir ya riga ya gaji?

Bashiru: Waya ta mutu tana nuna 15 ko 20, musamman in an buɗe kyamara, saboda ɓawon ya hana wuta fitowa da ƙarfi. In kuma bayanta ya ɗago ko allo ya fara rabuwa da jiki, iska ce ta taru a ciki. Kada a danna, kada a huda, kada a sake jonawa. A kashe ta a kai wa mai gyara ya canja batir.