Wuta Ta Yi Awa 32 Ba Ta Dawo Ba: Me Za a Ceto a Firiza?

Bashir: Assalamu alaikum masu saurare, barkanku da war haka daga nan Garuwa ta ƙasar Kamaru. Ni ne Bashir, tare da Yaya Hadiza, ga kuma Goggo Ladi da ta bar rumfarta ta zo mana. Goggo, ina gajiya? Na ji makon jiya ba ki ji da daɗi ba.

Goggo Ladi: Lafiya lau ɗana, sai godiya. Ai wuta ce aka ɗauke mana ranar Alhamis da ƙarfe goma na dare, ba ta dawo ba sai Asabar da ƙarfe shida na safe. Ga shi watan Afirilu, kun san yadda garin nan yake, rana ta wuce digiri 40. Firizata kuwa irin mai buɗewa ta sama ce, kaya sun kai rabinta.

Hadiza: Awa 32 ke nan. Goggo, kafin mu shiga kayan, sau nawa aka buɗe ta?

Goggo Ladi: Sau biyu. Juma'a da safe yara suka ɗebi ruwan sanyi ban sani ba, sai kuma da na leƙa da la'asar don hankalina ya ƙi kwanciya.

Hadiza: To, abin da ya sa na tambaya, idan wuta ta tafi firiza ta zama randa mai murfi kawai. Ba ta ƙara yin sanyi, wanda ke jikin kayan shi take riƙewa. Lissafin da hukumomin abinci na Amurka suke bayarwa shi ne, firiza cike taf tana riƙe kaya kamar awa 48 in ba a buɗe ba, wadda ke rabi kuma awa 24. Firigo na ajiye miya da madara kuwa awa 4 ne kacal. Amma ku tuna ba ɗaki mai rufin kwano a Garuwa ko Marwa cikin bazara aka auna ba. A nan gara mutum ya rage lissafin, kada ya ƙara.

Bashir: Yaya, me ya sa cikakkiya ta fi daɗewa? Ni da na ɗauka kaya da yawa sun fi saurin lalacewa.

Hadiza: Ƙanƙara ce ke tsare ƙanƙara. Kafin ƙanƙara kilo ɗaya ta narke sai ta sha zafi mai yawa, kusan zafin da zai ɗaga ruwa kilo ɗaya daga sifiri zuwa digiri 80. Iskar da ke cikin firiza ba ta riƙe komai, kuma kowane buɗewa yana shigo da sabon zafi. Shi ya sa kayan sama da na gefe suke fara saki, na tsakiya da na ƙasa su ne na ƙarshe.

Goggo Ladi: Wallahi haka na tarar. Kaji goma sha biyu da ke can ƙasa, na ƙwanƙwasa su kamar dutse, sai dai fukafukan biyu na sama sun ɗan yi laushi. Cinyar rago ma da na danna, waje ya lotsa amma ciki da tauri, ina jin ƙanƙara tana ƙaras-ƙaras ƙarƙashin yatsa.

Hadiza: Waɗannan duk sun tsira, Goggo. Ƙa'idar ita ce, naman da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa, ko sanyinsa bai haura digiri 4 ba, ana iya mayar da shi ya sake daskarewa. Abin da za ki rasa daɗi ne kawai. Ƙanƙara tana farfasa tsokar nama, in ta narke ruwan ya tsiyaye, in aka sake daskarar da shi ya ƙara farfashewa, sai ki ga naman ya yi laushi kafin dahuwa, bayan dahuwa kuma ya bushe. Amma ba zai cutar da kowa ba.

Bashir: To ina wanda ya narke sarai?

Hadiza: Nan ne ake rabuwa biyu. Wanda ya narke amma yana da sanyi irin na firigo, ka taɓa ka ji hannunka ya ɗauka, wannan a dafa shi a ranar, dahuwa ta sosai har tsakiyarsa ya kai digiri 75, babu sauran ja a jikin ƙashi. Bayan an dafa ana iya sa shi a firiza. Wanda kuwa ya bar sanyi, ya haura digiri 4 ya zauna haka fiye da awa biyu, ya tafi ke nan.

Goggo Ladi: Ni abin da ya fi ci mini rai niƙaƙƙen nama ne, kilo uku, na wata mai yin samosa da ta ba ni ajiya. Yana cikin kwandon sama. Na tarar ya saki gaba ɗaya, jini ya taru a gindin leda, sanyinsa kamar na ruwan randa. Na shinshina, babu wari ko kaɗan. Maƙwabciyata ta ce in soya shi da yaji kawai.

Hadiza: Me kika yi?

Goggo Ladi: Na zubar, na biya matar kuɗinta. Amma har yau zuciyata tana tambayata ko na yi ɓarna.

Hadiza: Ba ki yi ɓarna ba, Goggo, kin yi daidai. Bari in tsaya a nan, don nan ne mutane suka fi cutuwa. Ƙwayoyin da ke sa nama ya yi wari daban, waɗanda ke kwantar da mutum da amai da gudawa daban. Na biyun ba sa canza ƙamshi, ba sa canza launi. Firiza kuma ba ta kashe su, barci kawai take sa su a digiri 18 ƙasa da sifiri. Da ɗumi ya zo sai su farka. In yanayi ya yi musu daɗi, wasu suna ninkuwa duk minti 20. Ƙwaya ɗaya tak, cikin awa bakwai, ta haura miliyan biyu.

Bashir: Amma Yaya, wuta ba ta kashe su? Mai yana tafasa a kasko fa.

Hadiza: Tana kashe ƙwayar, ba kullum take kashe dafin da ƙwayar ta riga ta zuba ba. Akwai wadda ake kira Staphylococcus aureus, tana zaune a hancin mutane da fatar hannu, daga nan take hawa abinci. In ta samu ɗumi ta yi dafi, ko an tafasa abincin dafin yana nan. Cikin 'yan awoyi mutum ya fara amai ba ƙaƙƙautawa. Shi kuma niƙaƙƙen nama ya fi gunduma haɗari, saboda injin niƙa ya kwashe abin da ke bayan naman ya cuɗa shi har ciki. Hanta da kayan ciki ma haka suke, ba su da haƙuri.

Goggo Ladi: To kifi fa? Ina da iri biyu. Akwai karfasa da giwan ruwa na tafkin Lagdo, suna tsakiya, da ƙanƙararsu. Akwai kuma rabin kwalin kifin teku, makaro, shi ne a sama, ya narke har kwalin ya jiƙe.

Hadiza: Na Lagdon nan hukuncinsu ɗaya da kaji, tunda da ƙanƙara. Makaro kuwa yana da nasa sharri na musamman, shi da tuna da sadin. In suka yi ɗumi, ƙwayoyin cuta suna juya wani sinadari na tsokarsu ya zama histamin. Wannan ba ya jin suya, ba ya jin banda, ba ya jin sake daskarewa. Mutum ya ci, kafin awa guda fuska ta yi ja, jiki ya ɗau ƙaiƙayi, kai ya sara, wani ya ji bakinsa yana raɗaɗi kamar ya tauna barkono. Sai a ce ai kifi ne ba ya karɓarsa, alhali kifin ne ya kwana a zafi.

Goggo Ladi: Allah Ya kiyaye. Waɗanda ke tsakiyar kwalin da sauran tauri na gasa a ranar, na saman da suka yi laɓo-laɓo na zubar.

Bashir: Goggo, ba ki ambaci su folere, wato zoɓo, da kosam, wato nono, ba, ai su aka fi saninki da su.

Goggo Ladi: Kosam na ƙulli ya narke ya yi ɗumi, wasu ledojin har sun kumbura, ban yi wata-wata ba. Folere ne na tsaya ina tunani.

Hadiza: Zoɓo yana da tsami, ya fi madara juriya, in ya kasance da sanyi ana iya sake daskarar da shi. Wanda ya kumbura ko ya fara kumfa ya soma ruɓa. Amma ga abin da nake so ki duba: ruwan naman nan da ya tsiyaye daga kwandon sama, ina ya sauka? In ya zuba a kan ledojin folere da na ruwa, yaro da baki zai huda ledar ya tsotsa. Waɗannan ba a dafa su, don haka wanda jini ya taɓa kada ya je hannun yara. Miyar da aka riga aka dafa da dafaffiyar shinkafa, in sun yi ɗumi, su ma a haƙura. Burodi da garin fulawa da ɗanyen barkono kuwa ba abin da zai same su.

Bashir: Akwai wata matsala. Mutum ya yi tafiya Ngaundare kwana uku, wuta ta tafi ta dawo a bayansa, ya tarar komai a daskare. Ta yaya zai gane?

Hadiza: Kayan da kansu suna faɗa. Za ka ga jini ya daskare a gindin leda kamar faranti, yankakken nama ya manne ya zama dunƙule ɗaya, kwali ya jiƙe ya sake ƙanƙarewa. Akwai kuma dabara mai sauƙi. Ka zuba ruwa rabin gora, ka kwantar da ita ta daskare a kwance, sannan ka tsayar da ita a saman kaya. In ka dawo ka ga ƙanƙarar ta koma gindin gora, firizar ta narke a bayanka. Sai dai gorar ba za ta gaya maka awa nawa aka yi a ɗumi ba, don haka in ta narke gaba ɗaya, nama da kifin da ke kusa da ita abin zargi ne.

Goggo Ladi: Ni yanzu na cika duk wani gurbi da gorunan ruwa, na sauko da niƙaƙƙen nama da makaro can ƙasa, folere ya hau kwando. Da an ɗauke wuta nake lulluɓe ta da bargo biyu in ɗora turmi a kan murfin saboda yara.

Hadiza: Bargon yana taimako, amma da wuta ta dawo ki yaye shi, kada ya toshe inda injin ke fitar da zafi. Kuma ki rubuta lokacin da aka ɗauke, ko da gawayi ne a bango. In an kai awa 20 firiza tana rabi, kada ki jira, ki nemo ƙanƙarar bulo ki jera a sama, ko ki hura gawayi ki fara da kayan da ke kwando.

Bashir: Goggo, cikin kayan nan duka, nawa suka tsira?

Goggo Ladi: Kaji goma sha biyu, cinyar rago, kifin Lagdo, da kusan rabin makaron. Ranar Asabar ɗin har gidan maƙwabta sai da gasasshen kifi ya shiga.

Bashir: Madalla. Mun gode Goggo, mun gode Yaya Hadiza. Masu saurare, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.