Tabar naɗi da sigarin kwali: abin da filta take tarewa da wanda ba ta tarewa

Assalamu alaikum. Iyayena da ƴan'uwana mutanen Maradi, tambayar da aka aiko ita ce: wai tabar da mutum ya naɗa da hannunsa, musamman ganyen da ake nomawa nan bakin Gulbi, ta fi ta kwali sauƙin illa tunda babu haɗin kamfani? Amsa ita ce a'a.

Gubar daga ganyen take, da kuma wutar da ake sa masa. Nikotin, sinadarin da ke sa mutum ya kasa barin taba, yana cikin ganyen tun yana gona. Wasu sinadaran da ke jawo cutar kansa kuwa tun lokacin shanyar ganyen suke samuwa. In aka kunna, hayaƙin yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa kansa. Wuta ba ta tambayar wa ya naɗa.

To, mu zo ga filta, wannan farin abu na gindin kara da muke ce wa auduga. Ba auduga ba ce, wani nau'in roba ne. Tana tare wani kaso na kwalta, shi ya sa kuke ganin ta koma ruwan ƙasa bayan an sha. Amma iskar karbon monoksayid, irin wadda ke sumar da mutane in sun kwana da gawayi a rufaffen ɗaki lokacin ɗari, wucewa take abinta, ta shiga jini ta hana shi ɗaukar iska mai kyau. Tun shekarun 1950 filta ta yaɗu, kansar huhu kuma ba ta rabu da mashaya ba.

Ku ɗauki ɗan kabu-kabu mai shan kara goma a wuni. Kuɗi sun yi wuya, ya koma sayen ganye yana naɗa sirara, yana cewa ai ya rage taba. Jikinsa bai rage buƙatar nikotin ba. Sai ya ja da ƙarfi, ya daɗe yana zuƙa, hayaƙin ya nutsa can ƙasan huhu. Naɗin ya mutu, ya sake kunnawa. Kuma da yake babu filta, yana shanye shi har ya kusa ƙona leɓe, alhali a wannan guntun na ƙarshe kwaltar ta taru, hayaƙinsa kuma ya fi zafi. Duk abin da filta za ta riƙe, yanzu baki da maƙogwaro da huhu ne suke riƙe shi. Ku dubi yatsunsa biyu, na nuni da babba, za ku ga sun rine. Haka haƙoran gaba.

Wani ma da takardar jarida yake naɗawa, ya haɗa da hayaƙin tawada.

Wani dattijo can baya yana tambaya, in an saka filta a naɗin fa? Baba, kwaltar za ta ɗan ragu, amma hawan jini, ciwon zuciya da kansa suna nan. Mai shan taba da ya ga gyambo a baki ya wuce sati uku bai warke ba, ko muryarsa ta dishe ta ƙi dawowa, ya je asibiti a duba shi.