Hoton waya zai iya hawa bilbod? Ga yadda ake lissafin fiksil

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, sannunku da ƙoƙari. Yau za mu zauna ne kan tambayar nan da masu koyon dizayin ke ta turo min, wai kwastoma ya kawo hoton da ya sa a Instagram ya ce a buga mishi a babban allo irin wanda ake kafawa a Kwangila ko shataletalen PZ, shin zai yi ko zai fashe? Amsar tana wajen nisan mai kallo, girman allon shi kaɗai ba ya gaya maka komai. Ku matso da kalkuleta, lissafin bai da wuya.

Mu fara da waya tunda ita ce mai sauƙi. Fostin na tsaye a Instagram fiksil 1080 ne a faɗi, 1350 ko 1440 a tsawo, na sitatus kuma 1080 da 1920. Shi kenan. Duk abin da ka ɗora wanda ya wuce haka su za su rage shi su matse shi da kansu, kuma matsewarsu ba ta da tausayi, gara kai ka fitar da shi daidai awo tun daga kwamfutarka. Wannan lambar ta 72 ko 300 da kuke gani a Photoshop kuwa, waya ba ruwanta da ita ko kaɗan, yawan fiksil kawai take ƙirgawa. Saboda haka a aikin waya kusan kullum rage hoto ake yi, da wuya ka buƙaci ƙara shi.

To ina aka samo 300 ɗin nan da kowa ya haddace? Daga ido aka samo ta. Lafiyayyen ido yana da iyakar ƙanƙantar abin da zai iya bambancewa, kuma iyakar tana canzawa da nisa. In aka juya ta zuwa lissafin da za mu iya amfani da shi a shago, ga yadda take:

```
PPI = 87 ÷ nisa (mita)
```

PPI ɗin shi ne fiksil nawa ke cikin kowane inci ɗaya na abin da aka buga. Katin biki ko kalanda da za ka riƙe a hannu, tsakaninsa da idonka kamar santimita 30 ne, 87 a raba da 0.3 ya ba ka 290, ka ga inda 300 ta fito. Wanda ke tsaye mita 1 daga bana yana buƙatar 87. Amma mutumin da ke kan mashin ko cikin Keke Napep yana hango allo daga mita 15, abin da idonsa zai iya rabewa bai kai 6 ba. Shida fa! Shi ya sa manyan alluna ake buga su a PPI tsakanin 10 zuwa 30 kuma ba wanda ya taɓa tsayawa a titi ya ce ya ga fiksil. Ni nakan tsaya a 15 zuwa 25, don a samu rara saboda mai tafiya a ƙasa da zai bi ta gindin allon.

Yanzu mu ɗauki allo guda mu yi aikinsa. A ce ƙafa 10 ne a tsaye, ƙafa 20 a kwance. Kowace ƙafa inci 12, kenan inci 120 da inci 240. In ka zaɓi 25, sai ka ninka, fayil ɗinka zai zama 3000 da 6000. In 15 ce, 1800 da 3600. Kun ga ba wani dodo ba ne. Kyamarar waya mai megafiksil 12 tana ba da 4000 da 3000, in ka shimfiɗa 4000 ɗin nan a kan inci 240 ka samu wajen 16 da ɗoriya, wato hoton waya na asali, wanda aka ɗauka cikin haske mai kyau hannu bai girgiza ba, zai cika allon nan kaf ba tare da an ƙara mishi komai ba.

Amma ga abin da yara ke yi, sai mutum ya buɗe sabon shafi ya rubuta ƙafa 10 da 20 ya sa 300 saboda an ce mishi firintin sai da 300. Wannan fiksil 36000 ne da 72000, sama da biliyan biyu da rabi, a CMYK, wato tsarin kalar firintin, ya haura gigabait 10 tun kafin ka sa leya ta biyu. Ko ajiye shi a PSD, wato fayil ɗin Photoshop, ba zai yiwu ba don iyakarsa 30000 ce a kowane gefe. Laftof ta ɗau zafi, ta sandare, kana cikin jira a ɗauke wuta, kuma duk wahalar nan ba abin da za ta ƙara wa wanda ke kallo daga titi. Abin da ake yi shi ne a yi aikin a kashi ɗaya cikin goma, shafi mai inci 12 da 24 a kan 250, in mai inji ya buɗa shi sau goma ya koma 25 daidai. Sai dai ka rubuta a sunan fayil ɗin cewa sikel 1:10 ne, kar a buga maka ɗan ƙarami a ce haka ka kawo.

Kuma in mai firintin ya ce maka injinsa 720 DPI yake bugawa, kar hankalinka ya tashi. Wannan ɗigon tawada ne da kan injin ke fesawa a kan fileks, ɗigo da yawa ke haɗuwa su ba da kalar fiksil ɗaya. Lissafinsa daban, naka daban.

Mu koma kan hoton Instagram ɗin kwastoma, 1080 da 1350. A ce Alhaji ne a tsaye, za a sa shi a gefe guda na allon ya ci tsawon ƙafa 9, wato inci 108. 1350 a raba da 108 ya ba mu 12.5. Mu juya lissafin ɗazu, 87 a raba da 12.5, kusan mita 7. Ma'ana duk wanda ya wuce mita 7 daga allon ba zai ga fashewa ba, allon da ke can sama kan ƙarfe kuwa dama ba mai matsowa haka. Kenan a lissafi ya wuce. Amma ɗauki wannan hoton dai ka sa shi a banar biki mai ƙafa 7, wadda amarya da ƙawaye za su jingina da ita suna ɗaukar hoto, za ka samu 16 kacal a inda ake neman 87. Ƙaramar bana ta fi babban allo cin fiksil, wannan shi ne abin da kwastoma ba sa yarda da shi sai sun gani da idonsu.

Na ce a lissafi ya wuce, to akwai abu biyu da ke ɓata lissafin. Na farko yanka. Sau da yawa hoton taro ne, Alhaji na tsakiyar mutum shida, in ka yanko shi kaɗai tsawonsa bai fi fiksil 400 ba. 400 a kan inci 108 bai kai 4 ba, sai daga mita 23 zai yi kyan gani, wannan kam ya faɗi. Kullum bayan ka yanka za ka ƙirga, ba kafin ba. Na biyu matsewa. JPEG yana matse hoto ne gida-gida, kowane gida fiksil 8 da 8, hoton da ya bi ta WhatsApp, aka yi sikirinshot, aka sake turawa, gidajen nan sun fito fili. A kan allonmu kowane gida ya kai santimita ɗaya da rabi, kuma ido na hango su daga nesa fiye da fiksil ɗaya. Ka zuƙo hoton zuwa 200% ka duba goshi da kumatu da gefen hula, in ka ga dabbare-dabbare masu kusurwa huɗu ko wani hazo a bakin layi, to ya sha matsa.

Maganin farko ba a kwamfuta yake ba. Ka ce, ranka ya daɗe, a taimaka a nemo wanda ya ɗauki hoton ya turo na asali, kuma a WhatsApp a turo shi ta Document, ba ta wajen hotuna ba, don ta nan ne ba a taɓa shi. Rabin matsalar a nan take mutuwa.

In na asalin ya ɓata sai a zo ga ƙara girma. A Photoshop ka shiga Image Size, ka tabbata akwatin Resample na kunne, ka zaɓi Preserve Details 2.0, ka ninka sau biyu, ka ɗan ja Reduce Noise har gidajen nan su lafa. In Resample na kashe ka canza 72 zuwa 300, wallahi ba abin da ka yi, fiksil ɗin na nan yadda suke, lakabi kawai ka sauya. Kuma ku fahimci me ƙarin yake yi, kamar ƙara wa koko ruwa ne, kofin zai cika amma gasarar ba ta ƙaru ba. Amfaninsa shi ne ya narkar da kusurwoyin fiksil su zama laushi, ido kuma ya fi yafe wa laushi a kan fashewa. Sau biyu lafiya lau, sau huɗu ka fara roƙon sa'a. Su kuma manhajojin nan masu gyara fuska da kansu, suna fitar da abu tas-tas, amma ƙirƙira suke yi, cike gurbi suke da abin da suke zato. Za su iya canza wa mutum haƙora, su goge mishi tsagar fuska, aikin hular zanna ya koma wani zane da ba a taɓa ɗinkawa ba. A waya ba mai lura, a fuskar da ta kai ƙafa 3 kuwa 'yan unguwarsu za su ce wannan ba shi ba ne. In ka yi amfani da su ka ajiye na asali a gefe kana kwatantawa, ido, baki, hula.

Rubutu da lambar waya da tambari kuma kar ka bari su zama hoto sam. Sake rubuta su za ka yi a CorelDRAW su zauna a bekta, wato zanen layi da ba na fiksil ba, shi ba ya fashewa ko za a buɗa shi ya kai girman Ƙofar Doka, sai ka danna Ctrl+Q su koma zane don kar font ya canza a kwamfutar mai inji. Tambarin da aka turo maka a sikirinshot, zauna ka sake zana shi, ya fi kowane ƙari.

Kafin ka biya kuɗin fileks mai murabba'in ƙafa 200, yi gwajin da ba zai ci maka komai ba. Buɗa aikin zuwa ainihin girmansa, yanko daidai wajen ido da hanci gwargwadon takardar A4, buga a ƙaramar firinta, manna a bango, sannan ka ja da baya taku goma sha biyar ka duba. A hannu zai ba ka tsoro, kar ka damu da wannan, daga can baya za ka yanke hukunci. In kwastoma na kusa kira shi ya tsaya a wajen tare da kai ya gani, in ya amince sai a tura wa mai inji. A darasi na gaba za mu taɓa kala, dalilin da ya sa shuɗin da ke sheƙi a waya yake fitowa a dushe a kan fileks. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.