Yadda na tsara waƙar buɗe jawabin yaye ɗalibai daga nan Alƙahira

Assalamu alaikum, jama'a. Ina magana da ku daga ɗakina a Alƙahira, kuma takardar da kuke gani a hannuna waƙa ce da na kwana uku ina gyarawa. Ƙanwata ta kammala karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, kuma ita aka zaɓa ta yi jawabi a walimar da unguwarmu a birnin Zariya ta shirya wa ɗaliban da su ne na farko a danginsu da suka yi digiri. Ta kira ni ta ce, "Yaya, ka rubuta mini baitocin da zan buɗe jawabi da su, amma kada su yi tsawo, domin iyayenmu za su zauna a rana."

Na zaɓi tsarin ƙwar biyu, wato ɗango biyu, ko in ce layi biyu, a kowane baiti, kuma na tsaya a baiti bakwai, waɗanda ba za su kai minti biyu ba idan an rera su a natse. Amsa-amon kuwa "wa" ne a ƙarshen kowane baiti, saboda Hausa tana da yalwar kalmomin da ke ƙarewa da shi. Karin da na ɗora waƙar a kai shi ne mutaƙarib, wanda ƙafarsa, wato gungun gaɓoɓin da yake tafiya a kai, gaɓa ɗaya ce marar nauyi irin "da" sannan biyu masu nauyi irin "nan", ana maimaita ta sau huɗu a ɗango. Ga mabuɗin:

Da sunan Ta'ala nake buɗe baki,
Gwanin nan da ke ba wa bawa iyawa.

Idan kuka ƙirga za ku sami gaɓa 12 a kowane ɗango, kuma idan kuka buga yatsa a kan tebur za ku ji tafiyar ba ta tuntuɓe. Da haka nake gane ɗangon da ya karye. Na so in sa "makaranta" a baiti na biyu, sai kalmar ta ƙi zama, domin "ma" da "ka" duka marasa nauyi ne suna jere, alhali ƙafar ba ta karɓar biyu a jere. "Digiri" ma haka ta yi mini. Daga baya na ga cewa karin ya yi mini gata, domin ya tilasta mini barin sunan abu in koma ga abin da ido ya gani:

Uwa ta yi ƙosai, uba ya yi noma,
Su tara su aiko, gida ko da yunwa.

Babban kuskurena ba na kari ba ne, na ma'ana ne. A rubutun farko akwai ɗangon da ke cewa ɗaliban sun fitar da gidajensu daga duhun jahilci, kuma na ji daɗinsa ƙwarai har sai da na karanta wa mahaifiyarmu ta waya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, ɗan nan, malam mahaifinku da ya sauke Alƙur'ani tun yana yaro, ya yi shekaru yana ɗaukar karatun littattafai a zaure, shi ne jahilin?" Kunya ta kama ni. Zariya gari ne da ya yi suna da malamai da zaurukan karatu tun kafin a kafa jami'ar a 1962, kuma da yawa daga cikin dattawan da za su zauna a sahun gaba ranar walimar almajiran ilimi ne. Waɗannan ɗalibai na farko ne a karatun jami'a, ba a ilimi ba, kuma waƙar da ta ɗaga ɗa ta hanyar ƙasƙantar da uba ba ta dace da wannan taro ba. Na soke ɗangon, na sa wannan a gurbinsa:

A yau ga na farko a dangi da riga,
Yana share hanya, ƙane na biyowa.

Rigar da nake nufi ita ce ta bikin yaye, kuma duk wanda ke wurin zai gane ba tare da bayani ba. Na gaya wa ƙanwata cewa idan ta so ta mayar da shi "ta farko" da "tana share hanya", karin ba zai motsa ba, tunda nauyin gaɓoɓin ɗaya ne.

Saura baiti guda da har yanzu yake ba ni wahala, wato na yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, lokacin da ɗalibai suka yi wata takwas a gida. Ɗangon farko ya zauna: "Wata har takwas ba karatu, ku zauna." Na biyun ne nake nema, wanda zai ƙare da "wa" ba tare da na cusa kalmar da ba ta da aiki ba, kuma walimar ranar Asabar ce.