Hotuna 40 a PDF ɗaya: wane matsi za ku zaɓa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau zancenmu a kan wani ɗan zaɓi ne da ke fitowa lokacin da za ku mayar da silaid zuwa PDF. Yawancinmu mukan wuce shi ba mu duba ba, alhali shi ne ke sa fayil ya yi nauyin da imel zai ƙi ɗauka, ko kuma hoto ya fito a dagule.

Bari mu ɗauki aiki guda mu bi shi har ƙarshe. A ce an gyara wani ginin ajujuwa a Rigasa, an ba ku haɗa rahoton aikin. Silaid 40 ne, kowanne da hoto ɗaya da ya cika shi: tsagar bango kafin gyara, sabon kwanon rufi, fenti, benci. A tsakiya akwai silaid biyu da aka ɗauko hoton teburin kuɗi daga allon kwamfuta aka manna. Za a tura rahoton ta Gmail, shi kuwa ba ya karɓar abin da ya wuce megabayit 25 a maƙale da wasiƙa. Sannan za a buga kwafi ɗaya a takardar A4.

Idan da LibreOffice Impress kuke aiki, ku shiga File, sai Export As, sai Export as PDF. A ƙarƙashin Images za ku ga zaɓi biyu. Na farko Lossless compression, wato matsi marar asara. Na biyu JPEG compression, matsi mai asara, da akwatin Quality a gefensa, wanda yakan zo a kan 90%.

Matsi marar asara kamar ninke kaya ne a jera a akwati. Sun rage cin wuri, amma in kun buɗe, kowace riga tana nan yadda take. Kwamfuta tana neman abin da ya maimaita kansa ne ta rubuta shi a taƙaice. Idan fiksel 500, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, a jere duk farare ne, ba sai ta rubuta fari sau 500 ba. Shi ya sa wannan matsin ke aiki sosai a kan tebur, tambari, taswira da rubutu, inda launi ɗaya ke shimfiɗe da faɗi. Hoton kyamara kuwa ba haka yake ba. Ku dubi bangon nan: ido yana ganin launi ɗaya, amma kusan kowane fiksel ya ɗan bambanta da na kusa da shi, saboda haske da ƙura da hayaniyar kyamarar kanta. Maimaici ya yi kaɗan, don haka matsin ba ya samun abin ragewa da yawa.

JPEG, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa tun 1992, wata hanya ya bi. Yana yanka hoton gida-gida, kowane gida fiksel 8 a tsaye 8 a kwance, ya riƙe yanayin haske da launin gidan, ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido bai cika lura da su ba. Abin da ya zubar ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Lambar Quality ita ce ke faɗa masa yawan abin da zai zubar.

To ga abin da nake so ya zauna muku, don a nan ne mutane da yawa ke yin asarar data a banza. Hoton da kuka ɗauka da waya, a mafi yawan lokuta, ya riga ya sha matsi mai asara tun daga cikin wayar. Hoto mai fiksel 4000 a kwance da 3000 a tsaye fiksel miliyan 12 ne. Kowane fiksel yana cin bayit 3, ja da kore da shuɗi, wato megabayit 36 in ba a matse ba. Amma ku duba a wayarku, za ku same shi wajen megabayit 3 ko 4. An riga an zubar da abin zubarwa. Idan yanzu kuka zaɓi marar asara, ba ku dawo da komai ba. Kun dai ce wa kwamfuta ta adana abin da ya rage, har da tabon da matsin farko ya bari, ba tare da ta taɓa ko fiksel ɗaya ba.

Wani lokaci hakan ba ya cutarwa. Idan ba ku yanke hoton ba, ba ku kuma rage girmansa ba, manhajar tana iya saka shi cikin PDF yadda ya zo daga waya. Ko a hakan, hotuna 40 sau megabayit 3 sun kai 120. Matsalar ta fi girma idan an yanke hoton ko an rage shi, domin dole a warware shi a sake rubutawa, kuma marar asara zai rubuta shi da nauyinsa.

Mu yi lissafin. Silaid mai faɗi na PowerPoint inci 13.33 ne a kwance, 7.5 a tsaye. Ƙasa da zaɓin matsi akwai wani akwati, Reduce image resolution. In kun sa shi a 150 DPI, wato fiksel 150 a kowane inci, hoton da ya cika silaid zai koma fiksel 2000 da 1125. Wannan megabayit 6.75 ne ɗanye. Matsi marar asara zai iya sauko da shi zuwa wajen 4, gwargwadon hoton. Sau 40, kun doshi megabayit 160. Hoton nan dai, da JPEG a kan 85%, yakan tsaya kusa da rabin megabayit. Sau 40, wajen 20. Wancan ba zai shiga imel ba ko kusa, wannan zai shiga. Kuma in kuka ajiye su gefe da gefe a allon waya ko a firojekta, da wuya ku nuna wanne ne wanne.

Ku lura da abin da ya fi rage nauyin a nan. Rage yawan fiksel ne ya fara yin babban aiki. Da mun bar shi a 300 DPI, hoton zai zama 4000 da 2250, ninki huɗu na fiksel ke nan, ba ninki biyu ba, tunda tsawo da faɗi duk sun ninka. Saboda haka in fayil ya yi nauyi, kada ku fara da dankwafe Quality zuwa 50%. Ku fara da DPI, ku bar Quality tsakanin 80 da 90. Ni a ganina hoto mai fiksel daidai bukata da matsi mai sauƙi ya fi hoto mai fiksel tuli da aka matse har ya farfashe. Ga rahotonmu, fiksel 2000 a faɗin takardar A4 ya ishi firintar ofis. Da a ce kundin hotuna za a kai maɗaba'a a buga a takarda mai sheƙi, sai mu koma 300, mu haƙura da imel, mu kai a filashi.

Yanzu silaid biyun nan na teburin kuɗi. A nan JPEG ke nuna rauninsa. Baƙin rubutu a kan farin fili canji ne mai kaifi, daga fari zuwa baƙi nan take, kuma irin wannan kaifin shi ne JPEG ke zubarwa. Sai ku ga wata ƙura-ƙura ta kewaye kowane harafi. Jan rubutu ya fi shan wahala, don JPEG yakan rage bayanin launi fiye da na haske. A rahoton da ke ɗauke da kuɗin jama'a, in 3 ta fara kama da 8, ba ƙaramin abu ba ne.

Amma zaɓin matsin nan ɗaya ne ga dukan fayil ɗin. Ya za a yi ke nan? Hanya mafi kyau ita ce kada teburin ya zama hoto tun farko. Ku kwafo shi daga Excel ku manna a matsayin tebur, ko ku buga shi a cikin silaid. Rubutu da tebur da zanen da aka yi a cikin manhajar ba fiksel ba ne, umarnin zane ne, matsin hoto ba ya taɓa su. Ku ƙara musu girma yadda kuke so, suna nan tas, nauyinsu kuma bai taka kara ya karya ba. In kuwa ba ku da asalin teburin, hoton kawai aka turo muku, ku fitar da waɗannan silaid biyu daban da Lossless compression, sauran 38 da JPEG, sannan ku haɗa su PDF ɗaya. Ku tabbata abin da kuka haɗa da shi bai sake matse fayil ɗin ba.

Masu PowerPoint, ku ba za ku ga kalmomin nan ba. Wajen ajiye PDF za ku ga Standard da Minimum size. Na biyun ya fi matse hotuna, yana iya ɓata ƙananan rubutu, don haka ku fara da Standard. Wurin da kuke da iko sosai shi ne Compress Pictures, a ƙarƙashin Picture Format, inda akwai 220, 150 da 96 ppi. Ku yi wannan a kan kwafin fayil ɗin, ba a kan asalin ba, domin da zarar kun ajiye, fiksel ɗin da aka cire sun tafi.

Bayan kun fitar, kada ku tura sai kun duba. Ku buɗe PDF ɗin a kwamfuta, ku ƙara girma zuwa 400%. Wuri uku ne ke tona asirin matsi. Sararin sama, musamman na lokacin hazo, inda launi ke sauyawa a hankali: in matsin ya yi yawa za ku ga ya zama hawa-hawa ko murabba'i-murabba'i. Sai bakin abubuwa masu kaifi, kamar layin kwanon rufi ko allon sunan makaranta. Sai ƙananan abubuwan da rahoton ya dogara a kansu. A namu, siririyar tsagar bangon nan ce hujjar cewa ginin yana bukatar gyara. In ta shafe ta zama inuwa, ku ɗaga Quality zuwa 90%, ko ku ƙara silaid ɗaya da hoton tsagar daga kusa.

Wanda ke da Poppler, wato wasu kayan aikin PDF, a kwamfutarsa yana iya ganin abin da ke cikin fayil ɗin da wannan umarni:

```
pdfimages -list rahoto.pdf
```

Zai jero kowane hoto. A layin enc, in an rubuta jpeg, matsi mai asara ne. In an rubuta image, galibi marar asara ne. Layin x-ppi yana nuna yawan fiksel a kowane inci, size kuma nauyin hoton. Sau da yawa za ku tarar hoto biyu ko uku ne kawai suka cinye rabin fayil ɗin, sai ku gyara su kaɗai.

In gwajin farko bai yi ba, ku koma kan silaid ɗin ku sake fitarwa da wata lamba. Kada ku ɗauki PDF ɗin da aka riga aka matse ku sake matse shi, don kowane zagaye na JPEG yana ɗora sabon tabo a kan tsohon. Haka ma hotunan da suka zo ta WhatsApp a matsayin hoto, an riga an rage su an sake matse su a hanya. Ku ce wa wanda ya je wurin aikin ya turo muku su a matsayin Document, sai ku fara daga hoto mai lafiya.