Harajin VAT daga 5 zuwa 7.5: nawa aka ƙara?

Assalamu alaikum jama'a. A ranar 1 ga Fabrairun 2020 harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kayan da aka saya, a Najeriya ya tashi daga kashi 5 cikin 100 zuwa kashi 7.5. To, nawa aka ƙara? Idan ka tsaya a bakin wani shago a Sabon Gari ka yi wannan tambaya, wani zai ce maka kashi biyu da rabi ne, ai ba wani abu ba ne. Na kusa da shi kuma ya ce a'a, rabi guda aka ƙara, kashi 50 cikin 100. Sai musu ya kaure, alhali kowannensu yana riƙe da wani ɓangare na gaskiya. Matsalar ita ce abu biyu daban suke aunawa, amma suna kiran su da suna ɗaya.

Mu kawo kuɗi a gabanmu, don lissafi ya fi zama a kai idan da naira a ciki. A ce ka je sayen firji a shagon da ke bayar da rasit, farashinsa ₦100,000 kafin a ɗora haraji. A tsohon tsari za a ɗora maka ₦5,000. A sabon tsari kuwa ₦7,500 ne. Ku dubi lambobin nan biyu, domin duk bayanin daga gare su zai fito.

Hanya ta farko ita ce ɗebewa. Ka ɗebe 5 daga 7.5, saura 2.5. Wannan tazara ce tsakanin tsohon adadi da sabo, kuma ita ake kira maki. Sai mu ce harajin ya ƙaru da maki 2.5. Ma'anarsa, a kan kowace naira 100 ta farashin kaya an ƙara maka naira biyu da kwabo hamsin.

Hanya ta biyu ita ce rabawa. A nan tambayar ta sauya: ƙarin da aka yi, yaya girmansa yake idan aka gwada shi da harajin da ake biya a da? Da kana biyan ₦5,000, an ƙara ₦2,500. Ai ₦2,500 rabin ₦5,000 ce. Ke nan harajin kansa ya ƙaru da kashi 50 cikin 100. Ga yadda ake rubuta su:

```
7.5 − 5 = 2.5
2.5 ÷ 5 × 100 = 50
```

Layin sama maki ne, na ƙasa kashi cikin ɗari. Duka biyun daidai suke. Abin da ba daidai ba shi ne a ɗauki amsar layin sama a laƙa mata sunan na ƙasa, a ce harajin ya ƙaru da kashi 2.5 cikin 100. Mu bi wannan magana yadda aka faɗe ta mu ga inda za ta kai mu. Kashi 2.5 cikin 100 na ₦5,000 shi ne ₦125. Da haka abin yake, da harajin firjin nan ya tsaya a ₦5,125. Amma rasit ya ce ₦7,500. Tsakanin ƙarin ₦125 da ƙarin ₦2,500 akwai ninki ashirin, kuma kalma ɗaya ce tak ta jawo shi.

Sai dai kada mai cewa kashi 50 ya yi saurin murna, don shi ma yana iya ɓatar da mutane. Mai sauraro da ya ji an ce kashi 50, zuciyarsa na iya ba shi cewa firjin ya koma ₦150,000. Ba haka ba ne. Abin da ya fita daga aljihunka ya tashi ne daga ₦105,000 zuwa ₦107,500, wato ƙarin kusan kashi 2.4 cikin 100. Harajin ne ya ƙaru da rabi, ba farashin kaya ba. Shi ya sa duk inda aka ce kashi kaza cikin ɗari, tambayar farko ita ce: na me?

A ganina ba kullum rashin sani ke kawo wannan ruɗani ba. Mai kare ƙarin haraji ya fi son ƙaramar lamba, mai sukarsa ya fi son babba, kuma kowa zai iya rantsuwa bai yi ƙarya ba.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ku lura da shi. A ce wata rana aka mayar da harajin daga 7.5 zuwa 5. A lissafin maki, ragin 2.5 ne, daidai da yadda aka hau. Amma a lissafin kashi cikin ɗari ba 50 ba ne, domin yanzu da 7.5 za a raba, ba da 5 ba. Amsar ita ce kusan kashi 33, wato sulusi. Maki ba ruwansa da inda aka faro, hawa da sauka duk ɗaya ne a wurinsa. Kashi cikin ɗari kuwa ya dogara ne kacokan a kan lambar da aka taso daga kanta. Idan lambar farko ƙarama ce, ɗan motsi kaɗan sai ya zama babban labari: daga kashi 1 zuwa kashi 2 maki ɗaya ne kawai, amma ninki biyu ne, ƙarin kashi 100 cikin 100.

A labaran Babban Bankin Najeriya za ku riƙa cin karo da wannan sosai. A watan Fabrairun 2024 bankin ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa daga kashi 18.75 zuwa 22.75. Maki 4 ke nan. A jaridun Turanci an rubuta shi 400 basis points, domin mutanen banki suna kasa kowane maki ɗaya gida 100. Idan ka ga 400, maki 4 ake nufi, idan ka ga 50, rabin maki. Da a ce kashi 4 cikin 100 aka ƙara da gaske, da ma'aunin ya tsaya a 19.5. A zahiri, maki 4 a kan 18.75 ƙari ne na sama da kashi 21 cikin 100.

Iyakar wannan ƙa'ida kuma mai sauƙi ce. Ana maganar maki ne kawai idan abin da ya sauya shi kansa da ma kashi cikin ɗari ne, kamar haraji, kuɗin ruwa, hauhawar farashi, ko yawan ɗaliban da suka ci jarrabawa. Idan buhun masara ya tashi daga ₦40,000 zuwa ₦50,000 a kasuwar Tudun Wada, babu maki a nan. Naira ce ta ƙaru, ₦10,000, wato kashi 25 cikin 100.

Ga masu fassara labarai da ɗaliban da ke rubuta binciken kammala karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a Samaru da Kongo, hanyar gane kuskuren ita ce a nemo lambar farko da ta ƙarshe. Idan ƙarin da aka ambata ya yi daidai da abin da ɗebewa ta bayar, to maki ne, ko da an rubuta masa alamar %. Idan ya yi daidai da amsar rabawa, kashi cikin ɗari ne. Idan kuwa rahoton bai kawo lambar farko ba sam, to babu yadda za a yi a tantance, sai an koma ga asalin takardar. A wajen rubutawa, a sa lambobin biyu a cikin jumla ɗaya: harajin ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5, ƙarin maki 2.5.